Yadda ake auna saukar bugun zuciya a minti na farko bayan motsa jiki

Kusan duk wanda na ga ya gwada wannan awo, a lambar farko yake ɓata shi. Mutum ya gama sassarfa, ya dafa gwiwa yana haki, ya lalubo waya a aljihu, ya buɗe agogo, sai a sannan ya fara neman jijiya. Kafin ya same ta daƙiƙa 20 sun wuce, alhali a cikinsu ne bugun ya fi saurin sauka. Da zarar ka tsaya, wata jijiya daban, wadda ke taka wa zuciya birki, take komawa bakin aiki, kuma saurin komawarta ne muke son aunawa.

Don haka shiri tun kafin ka gaji. Agogon hannu mai nuna daƙiƙa ya isa, ba sai ka sayi mai tsada ba. Ni ma ban cika yarda da agogunan da ke auna bugu a wuyan hannu ba, don in gumi ya jiƙa su sukan yi jinkiri. Tun kana hutawa ka nemo jijiyar da ke wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, ka ɗora manuniya da ɗan tsakiya har hannunka ya saba da wurin. Kada ka sa babban yatsa, shi ma yana da nasa bugun.

Sai ka motsa jiki da gaske, har ka kai inda magana ba ta fita sai kalma biyu ko uku. Wanda ya yi tattaki kawai bugunsa bai hau ba, balle a ga saukarsa. Amma mai ciwon zuciya, ko mai hawan jinin da bai daidaita ba, kada ya matsa wa kansa sai likita ya amince.

Kana rage gudu, yatsu su hau jijiya. Ƙirga na daƙiƙa 10 kacal, ka ninka sau 6. Kada ka ƙirga minti guda cur, domin bugun yana sauka kana ƙirgawa, abin da za ka samu tsaka-tsaki ne. Ci gaba da takawa a hankali, idan minti ɗaya ya cika daga lokacin da ka daina gudu ka sake ƙirga na daƙiƙa 10, ka ninka, ka cire na biyu daga na farko.

A ce ka samu 27 da farko, wato 162. Bayan minti ka samu 23, wato 138. Bugu ya sauka da 24, lafiya lau. To, da ka yi jinkirin nan na neman waya, ƙila 25 za ka samu da farko, wato 150, sai bambancin ya zama 12. Abin da ya same ni ke nan a gwajina na farko, na kwana ina juyi a kan ciwon da ba ni da shi. Ka lura kuma, kuskuren bugu ɗaya a ƙirga yana zama 6 bayan ninki. Shi ya sa ba na ɗaukar awon rana ɗaya da muhimmanci. Ka yi sau uku a ranaku daban, lokaci ɗaya, motsa jiki iri ɗaya.

Me ya sa 12 ta tsorata ni? Wani bincike na asibitin Cleveland a Amurka, wanda aka wallafa a 1999, ya bi mutum fiye da 2,400 tsawon shekara shida. Waɗanda bugunsu ya sauka da 12 ko ƙasa da haka a minti na farko sun fi sauran haɗarin mutuwa a wannan tsakani. Su ma takawa suke yi a hankali lokacin awon. In kwanciya ka yi nan take, bugu ya fi saurin sauka, don haka a nan 18 ake ɗauka a matsayin iyaka.

Jinkirin sauka ba sunan wata cuta ba ne. Sau da yawa rashin sabo da motsa jiki ne, kuma yakan gyaru bayan makonni ana atisaye. Zafin rana, ƙishirwa, zazzaɓi da rashin barci duk suna riƙe bugu a sama, kuma magungunan hawan jini irin su atenolol suna canza lissafin gaba ɗaya. Ciwon suga da ya daɗe yana iya lalata jijiyar birkin nan. In ka auna sau uku da sanyin safiya, ka sha ruwa, ka yi barci, amma har yanzu 12 ko ƙasa kake samu, rubuta lambobin ka kai wa likita. In kuwa akwai ciwon ƙirji, jiri, suma ko bugu mai tsallake-tsallake, ajiye agogon ka tafi asibiti a ranar.