Yadda injiniyan gine-gine zai rubuta wa kamfanin kwangila takardar ajiye aiki don tafiya ƙarin karatu

Takardar ajiye aiki ba ta wuce rabin shafi ba, kuma abin da ya fi komai nauyi a cikinta shi ne kwanan wata. Bari mu ɗauki misali da wani matashin injiniya mazaunin Agege, wanda ya shekara 3 yana kula da ginin bene a Lekki a ƙarƙashin wani kamfanin kwangila. Ya samu gurbin digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a ce za a fara rajista ranar 6 ga Oktoba. Albashinsa naira 450,000 a wata.

Kafin ya ɗauki biro, ya tabbata takardar gurbin tana hannunsa. Alƙawarin baki daga wani malami, ko "na ga sunanka a jerin", ba abin da za a saki aiki dominsa ba ne. In ƙasar waje zai tafi, ya jira biza. Kada ya saki reshe ya kama ganye.

Sai ya ɗauko takardar da aka ɗauke shi aiki da ita, ya nemo inda aka yi maganar notis. A nan mutane da yawa ke kuskure. Sun ji cewa Dokar Ƙwadago ta ce wanda ya yi shekara 2 zuwa ƙasa da 5 notis ɗin mako biyu zai bayar, sai su ɗauka ta shafe su. Gaskiya ne sashe na 11 ya faɗi haka, amma dokar ta fitar da masu aikin ƙwarewa da na gudanarwa daga cikin waɗanda take kira ma'aikata. Saboda haka injiniya, abin da ya sa wa hannu shi zai bi. Takardar mutumin namu ta ce wata guda, ko kuma ya biya albashin wata a madadinsa.

Yanzu sai ya yi lissafi daga baya. Yana son 'yan kwanaki na haɗa kaya da neman ɗaki a Samaru, don haka ranarsa ta ƙarshe 30 ga Satumba, takarda kuma ta shiga ranar 29 ga Agusta. In ya yi jinkiri har 20 ga Satumba, notis ɗin kwana 10 kawai ya bayar. Kamfani na iya neman kuɗin kwana 20 da suka rage, wato naira 300,000, kuma yawanci daga albashin ƙarshe ake zaftare su. Ga ɗalibin da zai biya kuɗin makaranta, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne. Ya duba kuma ko akwai bashin albashi a kansa, ko wani kwas da kamfani ya biya masa bisa sharaɗin zai zauna wasu shekaru.

Kafin takarda ta isa ofis, ya samu manajan aikin ido da ido. Ba a kan dekin ba, ba ranar zuba kankare ba, lokacin da kowa kansa ya yi zafi. Ya ce masa, "Oga, na samu gurbin karatu a Zariya, zan miƙa takarda gobe, na ga ya dace ka fara ji daga bakina." Babban da ya tsinci labarin tafiyar yaronsa a bakin direba ko mai gadi ba ya mantawa, kuma sa hannunsa za a nema nan gaba.

Ita takardar da Turanci za a rubuta ta, tunda shi ne harshen ofis, a aika wa wanda ya sa hannu a takardar ɗaukar aiki, ta hannun manajan aikin. Ga abin da za ta ƙunsa, a Hausance:

"Yallaɓai, ina sanar da kai cewa zan ajiye aikina na injiniyan da ke kula da gini a wannan kamfani. Bisa sharaɗin notis na wata guda da ke cikin takardar ɗaukata aiki, ranar 30 ga Satumba ce ranata ta ƙarshe. Dalilina shi ne na samu gurbin karatun digiri na biyu. Kafin wannan rana zan miƙa duk takardu da kayan aikin da ke hannuna ga wanda kuka zaɓa. Ina roƙon a ba ni takardar shaidar aikin da na yi, a kuma daidaita albashina na ƙarshe da kuɗin fansho. Na gode da damar da aka ba ni ta shekara 3."

Sai suna, sa hannu da kwanan wata. Ya lura an rubuta ranar da adadi. In aka ce "ƙarshen wata mai zuwa", an buɗe ƙofar gardama. Kuma "ina sanar da kai" aka ce, domin murabus sanarwa ce. Wanda ya rubuta "ina neman izini" ya ba su damar su ce ya dakata sai an gama bene na huɗu.

Ƙorafi kuwa, na jinkirin albashi ko na rodin da aka rage, ba nan ne wurinsa ba. In akwai matsalar da ta shafi lafiyar ginin, ya rubuta ta daban a rahoton aiki, da kwanan wata. Ita wannan takardar a fayil za ta zauna shekara da shekaru.

Ya buga kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa ya riƙe. In babu hatimi, ya tura ta imel a ranar. Daga ranar da aka karɓa ake ƙirga notis.

Abin da ya bambanta injiniya da ma'aikacin ofis shi ne gini ba ya tsayawa don shi ya tafi. A ce an zuba dekin hawa na uku ranar 10 ga Satumba. Sakamakon gwajin kankare na kwana 7 zai fito yana nan, amma na kwana 28 sai 8 ga Oktoba, lokacin yana Zariya. Don haka takardar miƙa aiki ta faɗi inda samfuran kankaren da aka ɗiba don gwaji suke, da lambobinsu, da ranar da za a fasa su, da lokacin da ya dace a cire tokaran da ke ƙarƙashin dekin. Ya rubuta wane zane ne na ƙarshe, domin birkila ko mai ɗaurin rodi na iya ci gaba da tsohon. Ya lissafa siminti da rodin da ke sito, da awon aikin ƙananan 'yan kwangila da ba a biya ba, da matakin da jami'an LASBCA, hukumar kula da gine-gine ta Jihar Legas, suka duba da wanda ya rage. Shi da magajinsa su sa hannu. In sunansa ne a takardun hukuma a matsayin mai kula da ginin, ya nemi a sauya shi a rubuce, kada a ci gaba da aiki da sunansa alhali ba ya nan.

Takardar shaidar aiki ma ya karɓe ta kafin ya bar Legas. COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, na neman gogewar shekara 4 bayan kammala digiri kafin rajista, kuma shi 3 gare shi. Shaidar ta faɗi ranar farawa da ta gamawa, da irin ginin, da ainihin abin da ya yi, injiniya mai rajista ya sa hannu. Kamfanonin kwangila kan watse da zarar aiki ya ƙare, bayan shekara biyu sai ka nemi ogan ka rasa.

Fansho kuwa, ya nemi bayanin asusunsa daga kamfanin da ke kula da shi, ya ga ko kashi 8 da ake cire masa da kashi 10 na kamfani suna shiga kowane wata. In akwai watannin da ba a zuba ba, ya kai lissafinsu ofishin akanta tun cikin makon farko na notis, yana da sauran ƙafar shiga ofishin.