Lissafin Kuɗin Sola: Inda Ake Yawan Zamewa Idan Aka Tambayi Farashin Kowane Kaya Daban

Yayana da ke zaune a Rikkos, cikin Jos, ya miƙo mini wata takarda da ya yago daga littafin ɗansa, da layi huɗu a jikinta: fanel, batir, inbata, kuɗin aiki. Ya zaga shaguna a titin Ahmadu Bello, ya tambayi farashin kowanne a inda ya fi araha, ya haɗa jimla, har ya ja layi biyu a ƙarƙashinta. Ya ce, "Duba mini, ai ka ga bai kai abin da mai haɗin nan ya faɗa ba."

Na duba. Ya rubuta inbata 5kVA mai 48V, batirin ruwa 12V 200Ah guda biyu, da fanel mai wat 300 guda biyu. Na ce, "Yaya, kowane farashi a nan gaskiya ne, amma idan aka kawo kayan nan gidanka ko kwan fitila ɗaya ba zai kama ba."

Tambayar farashi daban-daban ba laifi ba ne, hasali ma ita ce ke hana a yi maka ƙudundune. Matsalar ita ce kayan nan huɗu a ɗaure suke da juna: girman wannan shi ke yanke girman wancan. Kuma kuskuren farko tun kafin a fita kasuwa ake yin sa, wato mutum ya fara da tambayar "nawa ne inbata?" bai zauna ya ƙirga abin da gidansa ke ci ba.

Mun zauna a tabarma muka ƙirga nasa. Fitilu goma masu wat goma-goma, awa shida, sun ci 600Wh, wato jimlar wat ɗinsu sau awannin da suke kunne. Fanka biyu masu wat 70, awa shida, 840Wh. Talabijin da dikoda wat 100, awa biyar, 500Wh. Firizar matarsa, wadda take sa ƙanƙara da zoɓo, tana jan kamar wat 150, kuma idan aka haɗa lokutan da injinta ke tashi a wuni da kwana za a samu awa goma, 1,500Wh ke nan. Da cajin wayoyi, jimla ta kama 3,600Wh a rana. Sai muka ware wanda ake sha bayan rana ta faɗi, ya kama wajen 2,400Wh. Waɗannan lambobi biyu su ne tushen komai: ta farko tana faɗa maka yawan fanel, ta biyu tana faɗa maka girman batir. Dutsen guga da hita da injin jan ruwa mun fitar da su daga lissafi, a bar su sai an kawo wuta.

Yanzu ga abin da ya hana takardar Yaya aiki. Inbata mai 48V ba ta tashi sai an ba ta 48V. Batiri mai 12V guda biyu, idan aka jera su, 24V suke bayarwa. Dole sai guda huɗu. Mai shagon inbata bai yi masa ƙarya ba, mai shagon batir ma haka, kowa abin da aka tambaye shi ya amsa. Amma layin batir, wanda shi ne mafi nauyi a takardar, nan take ya ninka. Gyaran shi ne a rubuta wannan lamba, 12V ko 24V ko 48V, a saman takarda tun kafin a tambayi kuɗin ko batiri ɗaya. A lura kuma kVA ba wat ba ne. Inbatoci da yawa masu 5kVA iyakarsu wat 4,000, kuma a rubuce yake a jikin allon da ke gefensu. Gida irin na Yaya, da duk kayansa a kunne ba su kai wat 600 ba, inbata mai 3kVA ko 3.5kVA ma ta ishe shi har da fizgar da firiza ke yi wajen tashi.

A wajen batir ne na fi son a tsaya, domin nan ne mutane ke asarar kuɗi suna ganin riba suka ci. Ana kwatanta batiri da batiri da kuɗin da aka rubuta a kansa, alhali abin da ya kamata a kwatanta shi ne wutar da za ka iya ɗiba ba tare da ka kashe shi ba. Batirin ruwa 12V 200Ah yana ɗauke da 2,400Wh a takarda, amma idan kana zuƙe fiye da rabinsa kullum, da hannunka kake rage masa kwana. Rabin ne naka. Guda biyu ke nan 2,400Wh kacal za su ba ka, inbata kuma ta ci nata kason wajen juya wutar, ya rage kamar 2,000Wh. Daren Yaya na buƙatar 2,400Wh. Ko da inbatar 24V ya saya, da kafin asuba za ta fara kuka ta ɗauke, ƙanƙara ta narke, a ce mai haɗi ya cuci mutane.

Batirin litiyom 51.2V 100Ah yana ɗauke da 5,120Wh, kuma ana iya shan kashi 80 cikin ɗari ba fargaba, wato wajen 4,100Wh. Mu ƙaddara, don misali kawai, ana sayar da na ruwa ɗaya naira 250,000, na litiyom kuma 1,300,000. Wanda ya kalli lambobin a tsaye zai ce na litiyom ya ninka sau biyar da ɗoriya. Amma huɗu za ka saya, miliyan ɗaya ke nan, su ba ka 4,800Wh. Tazarar ta dawo 300,000. Sannan na ruwa, idan ana sauke shi ana cika shi kowace rana, cikin 'yan shekaru sai an sake, ga zuba ruwan batir lokaci-lokaci, ga shi ba a cusa sabo cikin tsofaffi. Idan ɗaya ya mutu yakan ja sauran. Litiyom mai kyau yana jure zagayen caji dubbai. Ni dai in aljihu zai ɗauka, litiyom nake ba da shawara, musamman ga na Abuja, inda zafin Maris da Afrilu ke saurin tsufar da batirin ruwa. Sanyin Jos ya fi yi masa sauƙi. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya sayi na ruwa, amma ya rubuta a gefen takarda cewa akwai wani sayen batir a gaba.

Fanel kuma shi ne wurin da aka fi matsewa, ga shi kuwa shi ne mafi arahar abin da za a iya ƙarawa. Mutane na ɗauka tunda rana na fitowa tun bakwai har shida, fanel mai wat 300 zai yi ta zubo wat 300 awa goma sha ɗaya. Ba haka ba ne. Idan aka tattara hasken wuni aka mayar da shi cikakkiyar rana, awa biyar ne ko kusa da haka, a watan Agusta kuwa da hadari ke rufe Jos a yi lissafi da huɗu. Daga ciki zafi da ƙura da waya da caji su ci kamar rubu'i. Ga yadda ake yi:

```
3600 / (4 x 0.75) = 1200
```

Wat 1,200 ke nan mafi ƙaranci, Yaya kuwa 600 ya rubuta. Alamar wannan kuskure a gidan da aka riga aka haɗa ita ce la'asar ta yi batir bai cika ba, kwana da kwanaki a jere, batirin ruwa kuwa babu abin da ke lalata shi kamar zama ba a cike ba. Sai a ɗora laifi a kan batir, alhali yunwa ce ta kashe shi.

Akwai wani abu kuma da ke ɓoye a nan. Inbata mai caja a cikinta tana da rubutu a gefe, MPPT da lambobi biyu, wato mafi ƙaranci da mafi yawan V da take karɓa daga fanel. Wasu ba sa fara caji sai fanel sun kawo kamar 120V, fanel mai wat 450 kuwa wajen 41V yake bayarwa a bakin aiki. Biyu ba su kai ba, uku da ƙyar, huɗu ne suka zauna daidai. Wasu inbatocin kuma iyakarsu 145V, jera musu huɗu a layi ɗaya ƙona su zai yi, balle da sanyin safiyar hunturu a Jos, domin fanel in ya yi sanyi ƙarfinsa hawa yake yi. Idan kuma inbatar ba ta da caja a ciki, to akwai kuɗin kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir daga fanel, da ba a rubuta ba. Saboda haka a ɗauki hoton allon inbata a tafi da shi shagon fanel. Mu mun tsaya a kan guda huɗu masu wat 450.

Sai layi na biyar, wanda babu shi sam a takardar. Wayar sola mai milimita 4 ko 6 daga rufi zuwa ɗaki, kuma tsawonta sai an auna da tef. Wayar batir mai kauri, 25 ko 35, domin inbatar 48V in ta ɗauki cikakken kaya tana jan fiye da amfiya 80, siririyar waya kuwa zafi za ta yi har ta narke robarta. Bireka ta ɓangaren batir da ta fanel, waɗanda ba irin na wutar gida ba ne. Canjoba. Ƙarafan ɗaure fanel da kusoshinsu. Sandar da ake kafawa a ƙasa, da na'urar kare tsawa. Wannan ta ƙarshe ba ado ba ce a Jos. Duk wanda ya yi damina a kan tsaunin nan ya san yadda aradu ke faɗuwa, kuma garanti da wuya ya ɗauki inbatar da tsawa ta ƙona. Wajen sayen waya a kankare bakinta da wuƙa: in ciki ya fito fari, gorar ruwa ce aka shafa wa jan ƙarfe.

Na taɓa shiga wannan ramin da kaina. Wani mai haɗi ya faɗa mini kuɗin aiki mai daɗin ji, na amince ba takarda. Ranar aiki yana kan kwano ya leƙo ya ce waya ba ta kai ba, a ƙaro. Can ya ce raba layin dutsen guga da hita daga na sola wani aiki ne daban. Da yamma ga kuɗin motar da ta kawo kaya. Ba zan ce cuta ya yi ba, ni ne ban tambaya ba. Kafin a yi ciniki a sa mai haɗi ya zo ya ga gidan, ya hau rufin, ya buɗe akwatin wuta, sannan ya rubuta abin da kuɗin aikinsa ya ƙunsa: raba layi, kafa sandar ƙasa, toshe hudar kwano kada ya yi yoyo, saita cajin inbata daidai da irin batirin, da dawowa dubawa in wani abu ya taso.

A kuma tambaya tun farko: in abu ya lalace, wa za a kama? Idan ka sayo kaya daga shago uku ka kira na huɗu ya haɗa, kowa zai nuna ɗan'uwansa. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar kowane kaya da tsawon garanti, a kuma ji ko mai batir yana da sharaɗi a kan wanda zai haɗa.

Farashin da aka tattara a lokuta daban ma yana ruɗarwa. Kusan duk kayan nan daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashinsu ke bin dala. Kuɗin batir na watan jiya da na fanel na yau ba sa haɗuwa a jimla ɗaya. A tattara su cikin mako guda, a rubuta kwanan wata, a tambayi mai shago kwana nawa farashin zai tsaya.

Da muka sake rubuta takardar Yaya ta koma layi shida, na shidan kashi goma cikin ɗari ne da aka ajiye don abin da ka iya tasowa. Jimlar ta zo kusa da ta mai haɗin da yake zargi. Kuɗinsa bai kai duka ba, sai ya sayi inbatar 48V da litiyom ɗaya da fanel huɗu, ya sa aka bar wuri a kan ƙarafan rufi don ƙarin biyu bayan damina.