Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Lissafin Ranar Ista

Ƙa'idar da ake fitar da ranar Ista da ita gajeriya ce a baki: Lahadin farko da ta biyo bayan cikar watan da ta faɗo a ranar 21 ga Maris ko bayanta. Sai dai mutum yana iya haddace wannan jimla sarai, kuma lissafinsa ya kuskure da mako guda ko ma da wata guda, domin abubuwan da ƙa'idar ta ambata na jadawalin coci ne, ba waɗanda ido yake gani a sama ba.

Babban kuskure shi ne ɗaga kai a dubi sama. Mu da muka saba da duban wata kafin azumi ko salla mukan ɗauka cewa haka ake yi a nan ma, alhali coci ba ya jiran shaidar kowa. Ya tsayar da 21 ga Maris a matsayin ranar da dare da rana suke daidaita, ko da yake a 'yan shekarun nan masana taurari sun fi samun daidaituwar a ranar 20. Cikar watan kuma rana ce ta goma sha huɗu a watan lissafi, wanda aka gina bisa zagayen shekara 19, domin wata 235 sun yi kusan daidai da shekarun rana 19. Wannan rana tana iya saɓawa da cikar watan gaske da kwana ɗaya ko biyu.

Shekarar 2019 ta nuna illar wannan kuskure ƙarara. Dare da rana sun daidaita a daren 20 ga Maris, wata kuma ya cika 'yan sa'o'i bayan haka, ranar 21, saboda haka duk wanda ya bi sama zai ce Ista ta kama Lahadi 24 ga Maris. A jadawali kuwa cikar watan ta faɗo ranar 20 ga Maris, wato kwana ɗaya kafin iyaka, don haka aka tsallake ta, aka jira ta 18 ga Afrilu, aka yi bikin ranar 21 ga Afrilu.

Gyaran shi ne a ajiye kalandar taurari a yi lissafin da alƙalami. Daga 1900 zuwa 2099 wannan ya wadatar:

```
a = shekara mod 19
d = (19a + 24) mod 30
```

Ma'anar mod ita ce ragowar da take saura bayan rabawa, kuma d shi ne yawan kwanakin da za a ƙara a kan 21 ga Maris don a sami ranar cikar watan. A ɗauki 2025. Idan aka raba ta da 19 saura 11. Sau 19 ya ba da 209, a ƙara 24 ya zama 233, a raba da 30 saura 23. Kwana 23 bayan 21 ga Maris shi ne 13 ga Afrilu.

A nan ne kuskure na biyu yake laɓe, domin 13 ga Afrilun 2025 Lahadi ce, kuma mai gaggawa zai tsaya nan ya ce ya gama. Ƙa'idar ta ce Lahadin da ta biyo baya, saboda haka idan cikar watan ta faɗo a Lahadi sai a ƙara mako cur, kuma shi ya sa aka yi Ista ranar 20 ga Afrilu a shekarar.

Akwai wata 'yar togaciya da masu kwafar lissafin sukan manta. Idan d ya fito 29 ana mayar da shi 28, idan kuma ya fito 28 alhali adadin a ya wuce 10 ana mayar da shi 27. Wanda ya manta da ita zai sami 26 ga Afrilu a 1981, alhali ranar 19 aka yi bikin. Hanyar gane irin wannan ɓata mai sauƙi ce: a kalandar Gregori, wadda muke amfani da ita yau da kullum, Ista ba ta zuwa kafin 22 ga Maris, ba ta kuma wuce 25 ga Afrilu.

Na ƙarshe shi ne ganin Kiristocin Girka, Rasha, Masar ko Habasha suna biki a wata rana dabam, a ɗauka wani ya yi kuskure. Waɗannan coci-coci suna lissafi da tsohuwar kalandar Yuliyas, ba su bi gyaran da Fafaroma Gregori na goma sha uku ya yi a 1582 ba, don haka 21 ga Maris ɗinsu yana daidai da 3 ga Afrilu a kalandar da take bangonmu, jadawalin watansu ma dabam ne. A 2024 Katolika sun yi nasu ranar 31 ga Maris, su kuma sai 5 ga Mayu, amma a 2025 lissafin biyu ya haɗu a rana ɗaya.