Yadda ake kai ƙorafi idan kamfanin layi ya zaftare maka data

Yawancinmu da zarar an ɗauki kira sai mu ce "kun cinye mini data", ma'aikaciyar kuma ta ce ai wayarka ce ta sha, shi ke nan magana ta mutu. Kafin ka kira, ka tanadi lissafi biyu: na kamfani da na wayarka.

Danna *323#, lambar duba ragowar data a duk layukan Najeriya tun bayan da NCC, hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, ta daidaita lambobin a 2023, ka ɗauki hoton abin da ya fito. Nemo saƙon da aka turo maka lokacin saye, domin yana ɗauke da rana da adadi. Sannan shiga Settings, ka buɗe Data usage, ka zaɓi layin da ake magana a kai, ka saita lissafin ya fara daga ranar da ka saya. Wannan saitin ne mutane suka fi tsallakewa, sai su kwatanta lissafin wata guda da na kwana uku.

A ce ka sayi 10GB na wata ranar Litinin, ranar Alhamis ka tarar saura 2GB. A wajen kamfani ka ci 8GB ke nan. Idan wayarka ta nuna 3GB kawai, akwai giɓin 5GB, kuma shi za ka nema. Ɗan ƙaramin bambanci ba abin kai ƙara ba ne, lissafin biyu ba sa zuwa daidai cif. Duba jerin manhajojin da kyau tukuna: in ka ga Hotspot da ka buɗe wa ƙaninka ko Play Store ne suka kwashe, to a gida ɓarnar take.

Yanzu kira 300, ko ka je ofishinsu. Ka yi magana a natse: "Ranar Litinin na sayi 10GB, yau saura 2GB, wayata ta nuna na ci 3GB. Ina son bayanin yadda aka cire datar rana bayan rana, kuma a mayar mini da 5GB." Kada ka ajiye waya sai an ba ka lambar ƙorafi, ka rubuta ta tare da ranar da aka ce za a warware. Ni dai ina ganin neman bayanin ya fi muhimmanci, don idan an mayar ba a faɗi dalili ba, wata mai zuwa ma za a iya maimaitawa.

Idan ranar ta wuce shiru, ko aka rufe ƙorafin ba gamsasshiyar amsa, kira 622, layin NCC na kyauta. Za a tambaye ka lambar ƙorafin nan, domin hukumar tana so ka fara bi ta kamfaninka. Ka ajiye hotunan da saƙonnin har datar ta dawo, ka sake danna *323# ka tabbatar.