Auna shimfiɗa da tsayin mataki a kan teburin awo

Da farko ka goge teburin dutsen da ƙasan abin da za a auna tas. Ka bi gefunansa da dutsen washi, domin ɗan ƙaiƙayin ƙarfe ɗaya zai ɓata maka lissafi. Idan yanzu ya sauko daga inji da ɗumi, bar shi ya huce. Zafin digiri 20 a ma'aunin Celsius ake so.

Ka ɗaura agogon awo a jikin ma'aunin tsayi, harshensa ya kwanta kusan daidai da fuskar ƙarfen. In ka karkata shi da digiri 30, agogon zai nuna 0.10 alhali ainihin motsin milimita 0.087 ne. Sauke shi har allura ta ɗan motsa, sannan ka saita sifili.

Wajen auna shimfiɗa ne mutane ke tafka kuskure. In ka kwantar da abin kai tsaye a teburin, daidaiton sama da ƙasa kake aunawa. Ɗora shi kan ƙananan jak uku, ka juya su har kusurwoyi uku masu nisa da juna su nuna sifili. Yanzu zagaya fuskar duka a hankali. Idan mafi girma +0.02 ne, mafi ƙanƙanta −0.01, karkacewar 0.03 ke nan.

Na mataki kuwa, cire jak ɗin. Taɓa matakin ƙasa, allura a sifili, ka rubuta abin da ma'aunin tsayi ya nuna, a ce 25.00. Ɗaga zuwa na sama har allura ta koma sifili: 37.48. Tsayin matakin 12.48 ne. Koma na ƙasa ka duba; in sifilin ya goce, maɗauri ya saki, sake daga farko.