Babi na 4: Gidajen lamba da tsinke da murafen kwalba

Magidancin da ke gabanka a aji ya san lissafi. Yana ba da canji a kasuwa ba ya kuskure. Amma ka ce masa ya rubuta ɗari da biyar, sai ka ga 1005 a allonsa, domin abin da kunnensa ya ji shi ya rubuta: ga 100, ga 5. Ya san yawan, gurbin da kowace lamba take zama ne bai sani ba. Wannan shi ne aikin wannan babi.

Ka raba ajin mutum 4-4. Kowane rukuni ya zo da tsinken tsintsiya kamar 130, a kakkarya su tsawon tafin hannu, da zare ko kaba, da murafen kwalba 30. A ƙasa, a gaban kowane rukuni, a shata gidaje 3 a jere da gawayi ko da yatsa. Na dama gidan ɗaiɗai ne, na tsakiya na gomomi, na hagu na ɗarurruka.

Doka ɗaya ce: babu gidan da ke ɗaukar fiye da 9. Su riƙa ajiye tsinke ɗaya bayan ɗaya a gidan dama suna ƙirgawa da baki. Da zarar na 10 ya sauka, a tattara a ɗaure, a kai ɗaurin gidan tsakiya. Ka tsaya a nan, kada ka yi gaggawa. Nuna gidan da aka kwashe ka tambaya: "Malam, saura tsinke nawa a nan?" Zai ce babu ko ɗaya. To, a ƙarƙashin gidan a rubuta 0, a ƙarƙashin ɗaurin a rubuta 1. Ga 10 ta fito da hannunsu. Kada ka ɗaura musu da kanka, ko da hannun wani dattijo yana nawa. Wanda ya karɓi ɗauri a shirye yakan ɗauke shi a matsayin abu guda, ya manta tsinke 10 ne a ciki.

Sunayen gomominmu na yanzu, irin su ashirin da talatin da arba'in, daga Larabci aka aro su, kuma mai jin Hausa ba ya jin goma a cikinsu. Mutanen zamanin da kan ce gomiya biyu, gomiya uku. Ka farfaɗo da wannan a aji: ɗauri 3 da tsinke 2, a ce gomiya uku da biyu, sannan a ce talatin da biyu, sannan a rubuta 32.

Ɗauri 10 idan suka cika, a haɗe su a dami guda a kai gidan hagu. Yanzu a koma kan ɗari da biyar. Dami 1 a hagu, tsinke 5 a dama, tsakiya wayam. A rubuta 1, 0, 5. Wanda ya rubuta 1005 ɗazu ka ce ya nuna maka gida na huɗu a ƙasa. Da kansa zai yi dariya.

Sai a ranar da wannan ya zauna za a fito da murafe, galibi bayan zama 3 ko 4. Dalili kuwa, ɗauri yana nuna yawansa a ido, murfi ba ya nunawa. Murfi guda a gidan dama 1 ne, a tsakiya 10, a hagu 100, kuma kamanninsa bai sauya ba. Haka lambar rubutu take. Wasu malamai kan ware launi, ja na goma, kore na ɗari. Ni ban so, domin ɗalibi sai ya dogara da launin, alhali a takarda gurbi kaɗai zai gani. A kuma lura da wurin zama: duk 'yan rukuni su zauna gefe guda, don wanda ya zauna ta can ƙetare zai ga 32 kamar 230.

Ga gwaji na ƙarshe. A jera 32 da murafe, 3 a tsakiya, 2 a dama. Ka ce: "Hajiya, ki debe 17." Za ta tarar 7 ba za ta fita daga 2 ba. Idan ta ɗauki murfi 1 daga tsakiya ta kawo shi dama a matsayin guda, ta samu 3, to ba ta gane ba tukuna. Mayar da ita kan tsinke, ta kwance ɗauri ta gani da idonta. Idan kuwa ta ce a yi mata canji, ta ba da murfi 1 ta karɓi 10, dama ta zama 12 na ɗan lokaci, ta cire 7 saura 5, ta cire 1 daga 2 da suka rage a tsakiya, ta karanta 15, sai ka ba ta 40 ta debe 26, daga nan kuma 105 ta debe 8.