Yadda na shawo kan mutuwar 'yan tsaki

'Yan tsakina sun riƙa mutuwa a makon farko, na zargi abinci, na kuma zargi ruwa, ashe sanyi ne. Da na koma littafin horarwarmu, sai na ga ya ce zafin ɗaki ya zama digiri 32 zuwa 35 a makon farko, a rage kusan digiri 3 kowane mako, domin ɗan tsako ba ya iya ɗumama jikinsa kafin gashinsa ya fito. Na sauko da ma'aunin zafi daidai tsayin bayansu, maimakon bangon da na rataye shi, na ƙara garwashi, na bar kafar iska saboda hayaƙi. Cunkushewar da suke yi a gindin wuta ta ƙare, suka bazu suna cin abinci. Alhamdulillahi.